Kwana huɗu ba ka leƙa zauren WhatsApp ba: yadda za ka tsamo abin da ke jiranka kaɗai

Ka kunna waya bayan kwana huɗu, ko tafiya ce ta ɗauke ka ko jinya ko aiki, sai ka ga lamba 612 a gefen sunan zauren da kuke aiki tare. Abu biyu ne ke fara zuwa wa mutum a rai. Ko dai ya koma can sama ya fara karantawa ɗaya bayan ɗaya, ko kuma ya rubuta "na dawo, me aka tattauna?" ya jira wani ya yi masa bayani. Na farkon yana cin awa biyu, kuma yawanci kafin a kai rabi ido ya gaji, sai a tsallake ainihin saƙon da ya fi muhimmanci. Na biyun kuwa ɗora wa wani nauyinka ne, kuma wanda zai ba ka labari abin da ya dame shi zai faɗa maka, ba abin da ya rataya a wuyanka ba.

Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne, ba labarin kwana huɗu kake nema ba. Kana neman halin da kowace magana take ciki yanzu: me aka tsayar, me ya rage, wanne ne naka, kuma yaushe wa'adinsa. Saƙon da aka rubuta ranar Talata ba ya gaya maka wannan, domin mai yiwuwa ranar Alhamis an warware shi. Shi ya sa tsarin da zan bi da kai yake farawa daga ƙasa, yake bin magana guda har ƙarshenta, kuma yake hana ka rubuta komai a zauren sai ka gama.

Don kada maganar ta tsaya a iska, mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce kuna kwamiti ne na mutum 14 da ke shirya taron bita ranar Litinin 9 ga wata, kai ne mai kula da rajistar mahalarta. Rabonka da zauren tun daren Litinin 2 ga wata, yau kuma Juma'a 6, ƙarfe 8 na safe.

Kafin ka taɓa zauren

Kada ka buɗe shi a tsaye, ko kana tafiya, da nufin "bari in ɗan leƙa". Dalili na aiki ne. Idan ka buɗe zaure mai saƙonnin da ba ka karanta ba, WhatsApp yana ja maka layi a daidai inda ka tsaya, yana nuna adadin saƙonnin da suka taru. Da zarar ka fita ka sake shiga, layin ya tafi. Akwai kuma alamar @ da ke bayyana a ƙasa ta gefe idan an ambace ka, wadda ke kai ka kai tsaye wurin ambaton, ita ma tana gushewa bayan ka gan su. Mutane da yawa suna zaton `Mark as unread` zai dawo musu da waɗannan. Ba ya dawowa da su. Ɗigo kawai yake sa wa a gefen sunan zauren don tunatarwa. Buɗewar farko dama ce guda, kada ka ɓarar da ita a bakin ƙofa.

Sai ka samu minti talatin a zaune, ka bar waya ta gama sauke duk saƙonnin idan ta daɗe a kashe, ka ajiye takarda da biro a gefe. Na fi son takarda a kan rubutu a cikin wayar, saboda fita daga zaure zuwa wata manhaja da dawowa shi ne ke sa mutum ya rasa inda yake. Ka ja layi ka raba takardar gida huɗu: mene ne, wa ya nema, wa'adi, da halin da ake ciki. Gida na huɗun shi ne zuciyar aikin, kuma shi za ka cike a ƙarshe.

Ka sani kuma, a zaure ana ganin wanda ya karanta saƙo ko da ka kashe shaidar karantawa a saitinka, don kashewar ba ta shafi zaure ba. Duk wanda ya duba `Info` a kan saƙonsa zai ga ka gani. Wannan ba abin damuwa ba ne, amma dalili ne na kada ka buɗe da safe ka bar amsa sai dare.

Da ka shiga, abu na farko shi ne ka rubuta rana da lokacin saƙon farko da ke ƙarƙashin layin. A misalinmu, Litinin 2, ƙarfe 10:40 na dare. Wannan ce iyakarka ta sama. Ko layin ya ɓace, kana iya komawa wurin ta `Search` da alamar kalanda da ke ciki, wadda ke ba ka damar zaɓar rana.

Abin da aka jefo maka da sunanka

Danna alamar @ ka bi ambaton ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ka karanta, ka sa masa tauraro da `Star`, ka rubuta shi a takarda, ka wuce. Tauraron naka ne kai kaɗai, ba wanda ke ganinsa. Kada ka amsa ko ɗaya tukuna, komai sauƙinsa.

A misalinmu ambato uku ne. Biyu ba su da aiki a ciki, ana tambayar ko lafiya aka ji ka shiru. Na uku daga shugaban kwamiti ne, ranar Talata da safe: "Don Allah ka kira masu ɗakin taro gobe ka tabbatar mana sun riƙe mana ranar." Idan ka biye wa zuciya, nan take za ka ɗauki waya ka kira, ko ka fara rubuta doguwar ban-haƙuri. Tsaya. Rubuta "ɗakin taro, shugaba, Laraba 4", ka bar gida na huɗu a buɗe.

Ba komai ne alamar @ take kamawa ba. Mutane da yawa ba sa amfani da ita. Sunanka kawai suke rubutawa, ko laƙabinka, ko muƙaminka. Saboda haka ka shiga `Search` na cikin zauren ka nemi sunanka ta duk yadda ake rubuta shi, cikakke da gajere, har da kuskuren rubutun da ka san wani ya saba yi. Sannan ka nemi sunan aikinka. A nan ne misalinmu ya fito da babban abu: neman kalmar "rajista" ya kawo saƙon sakatariya na ranar Laraba da yamma, babu @, babu ma sunanka: "Mai kula da rajista ya turo min cikakken jerin sunaye kafin jibi ƙarfe 12 na rana, don in kai a buga katin shaida."

"Gobe" ta wace rana?

Wannan shi ne wurin da aka fi yin tuntuɓe, kuma ya cancanci mu ɗan daɗe a kansa. Kalmomi irin su yau, gobe, jibi, gata, anjima, da "wannan makon" ba su da ma'ana sai an jingina su da ranar da aka rubuta su. Kai kuwa kana karanta su ne yau, kuma ƙwaƙwalwa tana saurin ɗaukarsu da ma'anar yau. Ka karanta "kafin jibi" ranar Juma'a, ranka ya ce maka kana da lokaci har Lahadi. Alhali an rubuta saƙon Laraba 4, jibinsa ita ce Juma'a 6, wato yau, kuma saura awa huɗu.

Ƙa'idar ita ce, kada kalmar "gobe" ko "jibi" ta shiga takardarka. Duk inda ka gamu da ita, ka duba ranar saƙon, wadda ke fitowa a saman allo idan ka ɗan motsa shi sama ko ƙasa, ka lissafa, ka rubuta suna da lambar rana: "Juma'a 6, 12 na rana".

Akwai wani tarko ƙarami a cikin wannan. Wanda ya rubuta "gobe" da ƙarfe 12:20 na dare, wayar ta riga ta lissafa saƙonsa a sabuwar rana, amma shi a ransa bai kwana ba tukuna, "gobe" ɗinsa na nufin in gari ya waye. Idan ka bi lissafin waya sai ka ƙara kwana guda da babu shi. Duk saƙon da ya faɗo tsakanin sha biyun dare da asuba, ka ɗauki wa'adi mafi kusa. Haka ma idan wasu 'yan zauren suna wata ƙasa mai bambancin lokaci: lokacin da kake gani a jikin saƙo na agogon wayarka ne, amma "ƙarfe 3" da mutum ya rubuta da hannunsa na agogonsa ne, sai in ya fayyace.

Ƙasan zauren, sannan samansa

Yanzu ka sauka can ƙasa ka karanta saƙonni talatin zuwa arba'in na ƙarshe a tsanake, kamar yadda aka jera su. Waɗannan su ne ke nuna maka me ke da rai yanzu. Maganar da aka yi ruwa aka ɗauke a kanta ba za ta bayyana a nan ba. Wadda ake kai har yanzu za ta bayyana. Idan sakatare mai tsari kuke da shi, galibi a nan za ka tarar da taƙaitawarsa ta baya-bayan nan, kuma ita kaɗai tana iya rage maka rabin aiki.

Sannan ka duba saƙonnin da aka maƙala a saman zauren. WhatsApp yana barin a maƙala har guda uku, na tsawon awa 24, ko kwana 7, ko kwana 30. Suna da amfani, amma kada ka ɗauke su a matsayin magana ta ƙarshe. Ana maƙala sanarwa a manta da ita, shawara ta canza a ƙasa, ba wanda ya tuna ya cire tsohuwar. Ka danna ta ta kai ka asalin wurinta ka ga ranar da aka rubuta. A misalinmu sanarwar da ke sama ta ce za a fara taro ƙarfe 10, kuma tun Lahadin da ta wuce aka rubuta ta. Amma a cikin saƙonnin ƙasa ka ga wani yana cewa, "Tunda tara ce, sai mu iso takwas da rabi." Tara kuma? Ka ga saɓani ke nan. Rubuta shi da alamar tambaya. Irin wannan ƙaramar maganar da ba ta dace da abin da ka sani ba, ita ce shaidar cewa an canza wani abu a tsakiya, kuma ita za ta gaya maka inda za ka tona.

Tankaɗe tsakiya da kalmomi

Saƙonni sama da 500 suna nan a tsakiya ba ka taɓa ba, kuma ba za ka karanta su duka ba. Za ka tankaɗe su ne. Aiki yana da kalmomin da yake zuwa da su, ko wane irin zaure ne. Masu nuna wa'adi: kafin, ƙarfe, ranar, gobe. Masu nuna an ɗora wa jama'a wani abu: kowa, a turo, a cike, wa zai. Masu nuna an canza shawara, waɗanda su ne mafi daraja: an ɗage, an fasa, an canza, gyara, maimakon. Ka nemi kowace, ka bi sakamakon da kibiyoyin sama da ƙasa, ka tsaya da ka wuce iyakar da ka rubuta tun farko. Kalmomin da ke da ƙ, ɗ ko ɓ ka neme su ta fuska biyu, "ƙarfe" da "karfe", "ɗage" da "dage", domin yawancin mutane ba sa sa lanƙwasa a waya. Idan ana gauraya harsuna a zaurenku, ka ƙara kalmomin ɗaya harshen da ka san ana amfani da su.

Kada jerin ya wuce kalmomi goma zuwa sha biyu. In ya wuce haka, karatun duka ya fi sauri.

Daga nan ka danna sunan zauren ka shiga `Media, links, and docs`. Wannan wuri yana tara hotuna, adireshin shafuka da fayiloli, kowanne a rukuninsa. Minti biyu sun isa. Fom ɗin da ake so a cike, jadawalin da aka gyara, takardar da ake jiran sa hannu, duk a nan suke kwance. Ka duba hotuna da kyau, don ana yawan ɗaukar hoton wasiƙa ko sanarwa a turo, kuma `Search` ba ya karanta rubutun da ke cikin hoto. Idan fayil guda ya zo sau biyu ko uku, na ƙarshe za ka buɗe, amma ka koma wurinsa a cikin hira ka ga abin da aka ce a kansa, don wani lokaci na ƙarshen ne aka turo bisa kuskure.

A misalinmu wannan zagayen ya fito da abu uku. "Kowa" ta kawo fom na bayanan masu gabatarwa da ake so a cike kafin Asabar 7. "Wa zai" ta kawo tambayar shugaba ta ranar Laraba, "Wa zai zo mana da majigi?" Sannan akwai ƙuri'a da aka buɗe kan ranar zaman shiri na ƙarshe.

Saƙon murya

Nan ne tsarin yake da rauni, kuma gara in faɗa a fili. Nema ba ya shiga cikin murya. Mutum zai iya ɗora maka aiki a minti na uku na saƙon murya, ba ambato, ba rubutu, kuma duk tankaɗen da muka yi ba zai kama shi ba. Sauraron duka kuwa ba zai yiwu ba. Saƙo 25 masu tsawon minti biyu-biyu sun kusa awa guda.

Hanyar zaɓe ita ce ka dubi wanda ya aiko da kuma abin da ya biyo baya. Muryar shugaba, sakatare, ko wanda kake aiki a ƙarƙashinsa kai tsaye, ka saurara duka. Ta sauran mutane, ka karanta saƙonni uku ko huɗu da ke ƙarƙashinta. Idan abin da ya biyo baya dariya ce da sitika, wuce. Idan ka ga "to shi ke nan", "an gama", "mun amince", ko mutane da dama sun jawo saƙon suna amsawa, to an yanke wani abu a ciki, saurara. Kana iya ƙara gudu zuwa 1.5x ko 2x, amma da ka ji an fara ambaton rana, lokaci ko suna, ka mayar da shi 1x ka ja baya kaɗan. A gudu biyu "sha biyu" da "sha huɗu" suna iya shige maka.

A misalinmu, neman "tara" ya kai ka ranar Alhamis da rana, inda mutum biyar suka amsa wani saƙon murya na shugaba mai tsawon minti huɗu. Minti biyu na farko godiya ce da bitar abin da aka yi. A wajen 2:40 ne ya ce babban baƙo zai tafi da wuri, saboda haka an dawo da farawa ƙarfe 9, kuma teburin rajista ya buɗe 8:15. Wannan jimla ta ƙarshe taka ce, ko da bai kira sunanka ba.

Bin kowace magana har inda ta tsaya

Yanzu takardarka tana da layi shida, gida na huɗu kuma babu komai. Wannan matakin shi ne ke raba wanda ya dawo ya kama aiki da wanda ya dawo ya tayar da ƙura. Ka ɗauki kowane layi, ka koma saƙonsa ta jerin masu tauraro, ka bi shi gaba zuwa yau da tambaya guda: bayan wannan, me ya faru? Hanya mafi sauƙi ita ce ka nemi babbar kalmar maganar, kamar "ɗaki" ko "majigi", ka duba sakamako mafi sabo. Idan ka ga amsa da ta jawo wani saƙo a samanta, danna abin da aka jawo zai kai ka asalinsa, ta haka kana iya bin zaren baya da gaba.

Ɗakin taro: ranar Laraba da rana mataimakiyar shugaba ta rubuta, "Tunda ba a same shi ba na kira su da kaina, sun tabbatar." An rufe. Da ka kira tun ɗazu, da ka yi ihu bayan hari, wataƙila ma ka rikita masu ɗakin su zaci taro biyu ne. Ka ja layi a kansa, ka cire tauraro.

Jerin sunaye: ba wanda ya ɗauka, kuma sakatariya ta sake tambaya daren jiya. Yana nan, naka ne, saura kamar awa uku da rabi.

Ƙuri'a: `View votes` ya nuna takwas sun zaɓi Lahadi, huɗu Asabar, kuma shugaba ya sanar da Lahadi 8 ƙarfe 4 na yamma. Bakin alƙalami ya bushe, ƙuri'arka ba za ta canza komai ba. Abin da ya rage maka shi ne sa ranar a kalanda.

Majigi: ba amsa ko ɗaya. Tambayar ta faɗo ne a tsakiyar muhawara kan wani abu daban, ta nutse. Irin wannan ita ce ta fi ba ni tsoro a kowane zaure, domin kowa ya gani, kowa ya ɗauka wani zai amsa, har ranar taro ta zo. Ba a ɗora maka ba, amma in kana da hanyar samu, ko kuma ka lura ba wanda ya ɗauka, faɗin hakan aiki ne mai amfani da wanda ya dawo da sabon ido kaɗai yake iya yi.

A nan ne kuma za ka lura da giɓi. Ranar Alhamis da dare akwai wurin da aka rubuta `This message was deleted`, daga sakatariya, a ƙarƙashinsa mutum biyu sun ce "to". Ba yadda za ka san abin da ke ciki. Idan wanda ya goge mai ba da umarni ne kuma an amsa masa, ka rubuta shi a matsayin tambaya. Idan saƙo yana ɗauke da `Edited`, abin da kake gani shi ne gyararren, kuma ana iya gyara ne cikin minti 15 kacal da aikawa, don haka amsoshin da suka zo a cikin mintunan nan mai yiwuwa tsohon rubutun suke amsawa. Babban giɓi kuwa shi ne zauren da aka kunna wa saƙonni masu ɓacewa. Idan an sa awa 24 kuma ka yi kwana huɗu, mafi yawan abin da aka faɗa ya tafi kafin ka zo. A irin wannan yanayi kada ka wahalar da kanka da nema; ka tafi kai tsaye wurin mutum guda da ya san komai.

Abin da za ka yi, da abin da za ka rubuta

Takardar ta koma haka:

Jerin sunaye ga sakatariya, yau Juma'a 6 kafin 12 na rana, yana jira.
Fom na masu gabatarwa, kafin Asabar 7, ban cike ba.
Zaman shiri Lahadi 8 ƙarfe 4, taro Litinin 9 ƙarfe 9, rajista 8:15, a sa a kalanda.
Majigi, ba mai shi.
Saƙon da aka goge daren Alhamis, a tambaya.

Layi biyar daga saƙo 612, cikin abin da bai kai rabin awa ba. Ka jera su bisa wa'adi, ba bisa yadda suka zo ba, kuma ba bisa girman wanda ya nema ba. Jerin sunaye ne farko. Idan a shirye yake, tura shi yanzu kafin ka ce komai a zauren. Idan ba zai kammalu kafin 12 ba, sakatariya tana bukatar sanin haka ƙarfe 8:30, ba 11:55 ba, don ta san yadda za ta yi da masu buga kati.

Abin da ya shafi mutum guda, ka yi masa shi kaɗai. Ka danne saƙonsa ka zaɓi `Reply privately`, sai amsarka ta tafi gare shi ɗauke da saƙon da kake amsawa, ba sai ka yi bayanin wace magana kake nufi ba. Ga sakatariya, misali: "Hajiya, barka da safiya. Na ga saƙonki na Laraba kan jerin sunaye, zan turo miki kafin ƙarfe 11 yau. Na kuma ga kin goge wani saƙo daren jiya, akwai abin da ya shafi rajista a ciki?" Tambaya ce da za ta amsa da kalma ɗaya. Ka kwatanta ta da "me na rasa?", wadda ke bukatar ta zauna ta rubuta maka rahoto.

A zauren kuwa saƙo guda ya isa. Kada ka bi tsofaffin saƙonni kana amsa su ɗaya-ɗaya. Kowace amsa tana jawo maganar da aka binne ta dawo ƙasa, wani ya gani ya zaci an sake buɗe ta, muhawarar Talata ta tashi ranar Juma'a. Ban-haƙuri jimla ɗaya, sannan abin da ka fahimta, sannan abin da ka ɗauka:

"Barkanmu da safiya, a yi haƙuri da shiruna, na dawo. Abin da na fahimta: taro Litinin ƙarfe 9, rajista 8:15, zaman shiri Lahadi ƙarfe 4. Jerin sunaye zai isa wurin sakatariya kafin 11 yau. Ban ga wanda ya ɗauki maganar majigi ba. In babu, ni zan zo da shi. Shugaba, sanarwar da ke maƙale a sama har yanzu ƙarfe 10 take cewa, ko za a sauya ta? In na yi kuskure a wani wuri a gyara min."

Maimaita abin da ka fahimta da lambobi yana da dalili. Tankaɗe ba karatu ba ne, kuma yana iya barin wani abu ya zube, musamman a cikin muryar da ka tsallake. Idan akwai kuskure a fahimtarka, mutum 13 ne za su gani, ɗaya daga cikinsu zai ce "a'a, an mayar da rajista ƙarfe 8", ka gyara tun kafin ta zama matsala. Wannan jimlar ta "a gyara min" ita ce ragar da ke tare abin da tsarin ya rasa.

Akwai lokacin da ban yarda a tsaya a tankaɗe ba. Idan a cikin saƙonnin ƙasa ka ji sautin ya canza, ana gajerun amsoshi masu sanyi, ko ka lura wani ya fita daga zauren, to an yi saɓani. Wannan ba ya fitowa a jerin ayyuka, amma zai shafi yadda za a karɓi duk abin da ka rubuta. Ka je ranar da abin ya faru ka karanta wannan yankin gaba ɗaya, daga inda ya fara har inda ya lafa, kafin ka aika saƙonka. Haka ma idan kai ne shugaba, ko kai za ka sa hannu a kan abin da aka yanke: ka yi tankaɗen da safe don kada wa'adi ya wuce ka, sannan ka ware lokaci da yamma ka karanta dalilan da suka kai ga kowace shawara.

Bayan ka aika, ka kwafe layukan da suka rage daga takarda zuwa inda kake ajiye ayyukanka, kalanda ko hirar da kake yi da lambarka ta `Message yourself`, kowanne da ranarsa. Duk wanda ka kammala ka koma ka cire masa tauraro, ta yadda jerin masu tauraro na zauren zai riƙa nuna abin da ke jiranka kawai. A misalinmu, ƙarfe 10:50 jerin sunaye ya tafi, fom ya ci minti biyar, sakatariya ta amsa cewa saƙon da ta goge na wani zaure ne ta turo bisa kuskure, tauraro ɗaya ya rage a kan majigi har zuwa safiyar Litinin.